Yadda Ake Yi wa Ɗalibi Gyara a kan Bidiyon Jawabinsa: Saurin Magana, Kalmomin Cike Gurbi, Kallo da Tsayuwa

Malamin da aka ba shi bidiyon ɗalibi yana gabatar da jawabi yana da damar da ba ya samu a cikin aji, domin yana iya tsayar da hoton, ya koma baya, ya rufe murya, ya ƙirga abin da yake so ya ƙirga. Duk da haka, gyaran da ɗalibai da yawa suke karɓa bai wuce jimloli uku ba: ka rage sauri, ka riƙa kallon mutane, ka daina yawan cewa "wato". Waɗannan maganganu gaskiya ne, amma ɗalibin ba zai iya yin aiki da su ba, saboda bai san a wane wuri ya yi saurin ba, bai san abin da ya jawo shi ba, kuma ba a gaya masa abin da zai yi a madadinsa ba. Gyaran da yake canza ɗalibi shi ne wanda aka ɗaura a kan minti da sakan na bidiyon, aka kuma bi diddigin kurakuran har aka gano inda suka haɗu, domin sau da yawa sauri da cike gurbi da kawar da ido da karkacewar jiki duk suna fitowa ne daga tushe guda.

Wannan hanya tana da asali a fagen horar da malamai. A shekarar 1963 Dwight Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ɓullo da tsarin da ɗalibin koyarwa zai gabatar da ɗan gajeren darasi na 'yan mintuna, a yi masa gyara, sannan ya sake gabatar da darasin, kuma ɗaukar bidiyo ta zama wani ɓangare na tsarin. Kwalejojin ilimi a Najeriya suna yin irin wannan gwajin koyarwa kafin su tura ɗalibai makarantu. Abin da aka fi mantawa da shi a cikin tsarin shi ne sake gabatarwar, alhali dominta ake yin gyaran tun farko.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, mu ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji uku da aka ba minti 10 ta yi jawabi da Hausa a kan adana wake a buhu mai ruɓi uku, irin wanda yake da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ba ya buƙatar maganin ƙwari. Ta yi jawabin a gaban 'yan ajinsu da malamai biyu, tana amfani da majigi, wani ɗalibi kuma ya ɗauka da waya daga bayan aji. Tsawon bidiyon minti 7 da sakan 40 ne.

Kafin a fara ƙirga

Abu na farko shi ne ka san yanayin da aka ɗauki bidiyon, domin kyamara tana iya ɗora wa ɗalibi laifin da ba nasa ba. Ka tambaya a ina mai ɗauka ya tsaya, a ina masu sauraro suka zauna, a ina malamai suke, kuma wane umarni aka ba ɗalibar game da lokaci da riƙe takarda. Idan wayar tana kusurwar hagu, masu sauraro kuma suna tsakiya da dama, ɗalibar da take kallon mutane yadda ya kamata za ta fito kamar mai kawar da kai. Idan kuma ita kaɗai ta ɗauki kanta a ɗaki, to mai sauraronta shi ne idon kyamara, kuma wadda take kallon fuskarta a jikin wayar za ta fito idonta yana ɗan kallon ƙasa ko gefe. Ka kuma tabbatar mata cewa bidiyon ba zai wuce hannunka ba sai da izininta, ba za a tura shi zauren hirar aji ba, domin ɗalibar da take tsoron a yi mata dariya ba za ta saurari gyara da buɗaɗɗiyar zuciya ba.

Daga nan ka kalli bidiyon daga farko zuwa ƙarshe ba tare da alƙalami a hannu ba, kamar ɗaya daga cikin masu sauraro. Idan ya ƙare, ka rubuta jimla ɗaya a kan abin da ka fahimta daga jawabin, da kuma wurin da hankalinka ya fara barin maganar. A misalinmu, gabatarwar ta fito sarai, amma daga wajen minti na uku, inda ta shiga bayanin dalilin da ya sa ƙwarin wake suke mutuwa idan aka ɗaure ledar iska ba ta shiga, sai bin maganar ya yi wuya. Ka riƙe wannan wuri a zuciya, amma kada ka yanke hukunci tukuna. Ka ɗauki takarda ka ja layuka, gurbin farko na lokaci, sauran huɗu na sauri da cike gurbi da kallo da tsayuwa. Za ka sake bin bidiyon sau huɗu, kowane zagaye da abu guda kawai, saboda wanda yake ƙoƙarin lura da komai a lokaci ɗaya abin da ya fi ba shi haushi kaɗai yake gani.

Saurin magana

A wannan zagaye ka kifa wayar ko ka juya fuskar kwamfutar, ka saurari murya kaɗai. Ka zaɓi wurare uku masu tsawon sakan 30, ɗaya kusa da farko, ɗaya a wurin da ka ji maganar ta rikice, ɗaya kusa da ƙarshe. Ka rubuta duk abin da ta faɗa a kowane wuri, ka ƙirga kalmomin yadda ake raba su a rubutu, ka ninka biyu, ka sami adadin kalmomi a minti. A misalinmu, daga 00:30 zuwa 01:00 ta faɗi kalma 62, wato 124 a minti. Daga 03:10 zuwa 03:40 ta faɗi 91, wato 182 a minti. Daga 06:30 zuwa 07:00 kuma 84, wato 168.

Littattafan koyon jawabi da Turanci sukan ba da shawarar kalma 120 zuwa 160 a minti, amma bai dace a ɗauko wannan ma'auni a ɗora wa Hausa kai tsaye ba, domin Hausa cike take da gajerun kalmomi irin su "na", "ya", "ta" da "da", waɗanda suke ƙara adadin ba tare da sun ƙara wa mai sauraro nauyi ba. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne ɗalibar da kanta. Ka nemo wurin da ta fi fitar da magana sarai, ka mai da saurinta na wannan wuri abin awo, sannan ka gwada sauran da shi. A nan minti na farko ne ma'auninta, kuma lissafin yana nuna wani abu mai amfani. Jawabin gaba ɗaya kalma kusan 1,150 ne, kuma da ta riƙe saurin 124 a minti har ƙarshe, da ta ci minti 9 da 'yan sakanni, wato kusan duk lokacin da aka ba ta. Saboda haka kuskure ne a ce mata ta ƙaro bayani domin ta cike minti 10, bayaninta ya isa, gudu ne ya cinye mata lokacin.

Adadi kaɗai ba ya ba da cikakken labari, don haka ka saurari wuraren da take tsayawa. Mai magana yana iya yin sauri a cikin jimla a fahimce shi, muddin yana tsayawa a ƙarshen jimlar ya ba mutane damar haɗiye abin da ya faɗa. Alamomin da za ka nema su ne ƙarshen jimla da yake nutsewa ba a ji shi, da jan numfashi a tsakiyar jimla inda babu waƙafi, da kuma faɗin adadi ko sabuwar kalma a wuce ba a dakata ba. A 03:25 ɗalibarmu ta faɗi cewa ƙwarin suna cinye iskar da ta rage a cikin ledar har su mutu, wanda shi ne ginshiƙin jawabin gaba ɗaya, amma ta zarce zuwa jimla ta gaba ba ko numfashi. Wannan wuri ya cancanci shiru na sakan biyu, kuma shi ne za ka rubuta a takardarka, domin cewa "ki tsaya sakan biyu bayan wannan jimla" umarni ne da za ta iya bi gobe, saɓanin "ki rage sauri" wanda za ta bi na rabin minti ta manta.

Kalmomin cike gurbi

Ka sake sauraro, wannan karon kana ƙirga sautuka da kalmomin da ba sa ɗauke da ma'ana a inda suka faɗo. A bakin masu jawabi da Hausa an fi jin "eh" mai ja, da "wato", da "to", da "ka gane" ko "kun gane", da "abin nan", da "ɗin nan", da "shi ke nan". Kulob-kulob na ƙungiyar koyon jawabi ta Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Amurka a 1924, sukan naɗa mutum guda a kowane zama wanda aikinsa shi ne ƙirga irin waɗannan a bakin duk mai magana, kuma kai ma aikin da za ka yi ke nan, sai dai da ƙarin rubuta lokacin kowacce.

A nan ake buƙatar kunnen wanda ya san harshen, domin ba kowace "wato" ce laifi ba. Idan ɗalibar ta ce, "Ledar tana hana iska shiga, wato ƙwarin ba su da abin shaƙa," wannan "wato" tana aiki, tana shigo da fassarar abin da ya gabata. Idan kuma ta ce, "Sai manomi, wato, ya ɗauki, wato, ledar farko," babu abin da ake fassarawa. Haka "to" da take buɗe sabon sashe tana taimakon mai sauraro ya san an juya, amma "to" a farkon kowace jimla ta zama ɗabi'a. Gwajin mai sauƙi ne: ka cire kalmar ka maimaita jimlar, idan babu abin da ya ragu a ma'ana, ka ƙirga ta. Malamin da ya haramta "wato" ɗungurungum zai bar ɗalibarsa da Hausa busasshiya wadda ba ta yi kama da maganar mutane ba.

A misalinmu an sami 38: "wato" 17, "eh" 13, "kun gane" 8. Idan aka raba da tsawon bidiyon, kusan biyar ke nan a minti, amma wannan matsakaicin adadi yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Huɗu kaɗai ne suka faɗo a cikin minti uku na farko, 23 suna tsakanin 03:00 da 05:00, sauran 11 kuma sun warwatsu har ƙarshe. Masana harshe Herbert Clark da Jean Fox Tree sun wallafa bincike a 2002 a kan irin waɗannan sautuka a Turanci, inda suka nuna cewa mai magana yana amfani da su ne ya sanar da cewa zai ɗan jinkirta, domin yana neman kalma ko yana tsara abin da zai faɗa. Idan ka ɗauke su a haka, sai tarin da ke tsakanin minti na uku da na biyar ya zama alama da take nuna maka wurin da ɗalibar ba ta gama mallakar bayaninta ba. Ka lura kuma da inda kowacce take faɗowa. Wadda take zuwa daidai lokacin canza hoton majigi tana nuna ba a shirya jimlar da za ta haɗa sashe da sashe ba, wadda take zuwa kafin kalmar kimiyya tana nuna ana laluben yadda za a faɗe ta da Hausa, "kun gane" a ƙarshen jimla kuwa sau da yawa neman tabbaci ne daga mai shakkar ko an fahimce shi.

Akwai iyaka da dole a kiyaye. Maimaita gaɓar farko ta kalma ko maƙalewar sauti irin ta mai in'ina ba cike gurbi ba ne, ba a ƙirga ta, kuma ba a rage maki a kanta. Idan ka ji alamar haka, ka yi magana da ɗalibin a keɓe ka tambaye shi abin da yake taimaka masa.

Kallon masu sauraro

Yanzu ka rufe muryar ka kalli hoto kaɗai. Idan kana amfani da manhajar VLC a kwamfuta, maɓallin `M` yana rufe murya, maɓallin tazara kuma yana tsayar da bidiyo ya sake sakinsa. Ka riƙa tsayarwa duk bayan sakan 10 kana rubuta inda idonta yake: masu sauraro, takarda, allon majigi, ko ƙasa. Bidiyo mai sakan 460 zai ba ka tsayawa 46. A misalinmu 15 suna kan masu sauraro, 18 a kan allo, 9 a kan takarda, 4 a ƙasa. Daga cikin tsayawa 12 da ke tsakanin 03:00 da 05:00, sau 11 idonta yana kan allo. Sannan daga cikin 15 ɗin da ta kalli mutane, 13 ɓangaren dama ne inda ƙawayenta suke zaune, ɓangaren hagu da malamai suke kuwa ba ta ɗaga ido ta dube shi ba ko sau ɗaya.

Wannan na ƙarshe yana buƙatar a yi masa adalci. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake koya wa yaro ya sunkuyar da kai idan babba yana gabansa, wadda aka yaba mata shekara da shekaru a kan kunya, ba ta yi laifi ba da ta kasa zuba wa malaminta ido, kuma rubuta mata "ba ki da ƙarfin hali" zalunci ne, domin ladabin da aka koya mata take yi. Abin da za ka bayyana mata shi ne amfanin kallon a wannan wuri na musamman: mai jawabi yana duban fuskoki ne domin ya ga ko an fahimta, ya ga wanda ya yamutsa fuska sai ya maimaita, kuma muryarsa tana bin inda fuskarsa ta juya, shi ya sa na bayan aji suka daina jin ta lokacin da ta fuskanci allo. Babu wanda yake neman ta tsura wa namiji ko dattijo ido. Ya isa ta raba ɗakin gida uku, dama da tsakiya da hagu, ta ba kowane ɓangare jimla guda cikakkiya kafin ta matsa zuwa na gaba, idan kuma ta zo ɓangaren malamai ta dubi saitin goshi ko hula maimakon ƙwayar ido, domin daga nisan taku biyar ko shida ba mai iya bambancewa. Jimla guda ita ce ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa, saboda ƙirga sakanni a zuciya yana raba hankalin mai magana, shara da ido daga bango zuwa bango ba tare da tsayawa a kan kowa ba kuwa ba ta da bambanci da rashin kallon.

Game da takarda, ka duba ko tana leƙawa ne ta ɗago ta yi magana, ko tana magana kanta a sunkuye. Na farko ba aibi ba ne. Na biyu kuwa yawanci yana nuna an rubuta jawabin kalma da kalma da ƙananan haruffa, maganinsa kuma shi ne ƙaramin kati mai ɗauke da kanun maganganu da manyan baƙaƙe. Idan ka ga tana matsawa kusa da allo tana ƙanƙance ido, ka tambaye ta ko tana gani sosai daga nesa kafin ka ce komai.

Tsayuwa

Wannan zagaye ya fi sauran gajarta. Ka bar muryar a rufe, ka ninka saurin bidiyon biyu, a VLC maɓallin `]` yana ƙara sauri, `[` yana ragewa. Motsin da ido ba ya kamawa a saurin da aka saba, kamar rangaji daga ƙafa zuwa ƙafa ko ja da baya a hankali har a jingina da bango, yana fitowa fili idan hoton yana gudu. Ka duba ƙafafu, da kafaɗu, da hannuwa, da inda ƙirji yake fuskanta. Ɗalibarmu ta tsaya daidai a farko, amma daga 03:05 ta juya rabin jikinta zuwa allo har ta ba ɓangaren hagu baya, ta ɗora nauyinta a kan ƙafa ɗaya, kafaɗunta suka ranƙwafa, hannunta na dama kuma ya riƙa komawa ga mayafinta da yake zamewa. A wurin ɗalibai maza irin wannan yakan fito a gyaran hula, ko zura hannu a aljihun kaftani, ko wasa da murfin biro.

Ka tsaya a kan abin da jiki yake yi da tasirinsa ga jawabin, kada ka taɓa siffar jiki ko tsadar tufafi ko kyansu. Maganar mayafi ma ta aiki ce kawai: a maƙale shi da fil kafin a fito, hannu ya sami 'yanci. Ranƙwafawar kuwa tana da alaƙa da saurin da ka auna ɗazu, domin ƙirjin da ya takure ba ya ɗaukar numfashi mai yawa, mai gajeren numfashi kuma yana gudu ne ya kai ƙarshen jimla kafin iskarsa ta ƙare. Idan ɗalibi yana jingina ko yana ɗingisa nauyi, ka tambaya ko akwai ciwon ƙafa ko na baya.

Haɗa abin da ka gani

Yanzu ka dubi takardarka a kwance, layi bayan layi, maimakon gurbi bayan gurbi. A misalinmu duk gurabe huɗu sun cika a wuri ɗaya, daga 03:00 zuwa 05:00: sauri ya tashi daga 124 zuwa 182, cike gurbi 23 cikin 38, ido a kan allo sau 11 cikin 12, jiki ya juya. Wannan ɗaliba ba ta da matsaloli huɗu. Tana da sashe guda, bayanin yadda iska take ƙarewa a cikin buhun, wanda ta sani a takarda amma ba ta taɓa faɗinsa da bakinta ba sai a ranar, don haka ta juya ga allo domin ta karanto, juyawar ta raba ta da mutane, rashin ganin fuskoki ya sa ta shakkar ko ana fahimta, shakkar kuma ta sa ta gudu domin ta fita daga wurin. Da kurakuran sun bazu daidai daga farko zuwa ƙarshe, da sai a ce ɗabi'a ce, a yi mata atisaye na dabam. Da sun taru a sakan 60 na farko suka lafa, da tsoron farawa ne, maganinsa kuma haddace jimloli uku na buɗewa. Wurin da suka taru shi ne yake gaya maka irin gyaran da za ka bayar.

Zama da ɗalibar

Ka ba ta bidiyon ta kalla ita kaɗai kafin ku zauna. Kusan kowa yana jin muryarsa baƙuwa idan ya ji ta a na'ura, domin a kullum muna jin tamu ne ta cikin ƙasusuwan kai haɗe da ta iska, kuma gara wannan mamaki ya wuce mata a keɓe. Idan kun zauna, ka fara da tambaya: "A ina kika ji kin fi samun natsuwa, a ina kuma kika ji abin ya fara kuɓuce miki?" Sau da yawa amsar takan zo daidai da takardarka, ta ce, "Malam, wajen bayanin iskar nan ne, na ji kamar ba ku gane ba." Idan ta faɗi haka da bakinta, rabin aikin ya ƙare.

Sai ka kunna mata daga 00:30 zuwa 01:00, ka nuna mata abin da ta yi daidai da hujjarsa, cewa ta tsaya bayan kowace jimla, ta dubi mutane, ba a ji "wato" ko ɗaya ba. Wannan yabo yana da aiki, domin yana nuna mata cewa abin da kake nema ta riga ta iya shi. Sannan ka kunna daga 03:10 zuwa 03:40, ka bar ta ta faɗi bambancin da ta gani. Kada ka miƙa mata duk ƙirgen da ka yi, abu biyu sun isa a zama guda. Rubutaccen gyaran da za ta tafi da shi zai iya zama kamar haka:

"A minti na farko saurinki kalma 124 ne a minti, kuma kowa ya bi ki. Daga 03:00 zuwa 05:00 ya kai 182, kika juya ga allo, kuma a nan ne 23 daga cikin kalmomin cike gurbi 38 suka faɗo. Abu biyu nake so ki yi. Na farko, ki bayyana wa wani a gida yadda ƙwarin suke mutuwa a cikin buhun, da baki, ba takarda ba allo, har sai kin iya faɗinsa cikin jimla huɗu, kuma ki yi shiru na sakan biyu bayan jimlar da take cewa iskar ta ƙare. Na biyu, ki ajiye kwamfutar a gabanki yadda za ki ga hoton ba sai kin waiwaya ba, idan kuma za ki nuna wani abu a allo, ki nuna, ki juyo, sannan ki yi magana."

Ba a ce mata ta daina "wato" ba, kuma da gangan ne. Wanda aka ce ya daina wata kalma yakan shiga tsaron bakinsa har ya rasa zaren maganar, ko ya musanya ta da wata. Idan sashen ya zauna mata, yawancin 23 ɗin za su tafi da kansu. Waɗanda suka rage, atisayensu shi ne rufe baki a wurin da kalmar take son fitowa, a ja numfashi ta hanci, a ci gaba. Shirun zai yi mata tsawo a zuciya, amma idan ta ga bidiyon za ta tarar bai kai sakan biyu ba. Maganar ɓangaren malamai da ba ta kalla ba kuwa, ka ajiye ta zuwa zama na biyu, sai dai idan tana da jarrabawar jawabi da ta matso.

Sake ɗauka

Ka ba ta kwana uku zuwa mako guda, sannan ta sake gabatar da wannan sashe kaɗai, na minti biyu, a gaban aƙalla mutum uku da suka zauna a dama da tsakiya da hagu. A ajiye wayar a tsakiyar masu sauraro daidai tsayin idonsu, a jingine ta da wani abu domin kada ta yi rawa, kuma hoton ya kama ta daga kai har ƙafa. Ka auna da ma'aunin farko ba tare da canji ba: sakan 30 na ƙirga kalmomi, cike gurbi da gwajin cirewa, tsayarwa duk sakan 10, da kallo a ninkin sauri. Idan sashen da ya ci minti biyu yanzu ya ci kusan uku, saurin ya sauko kusa da na mintinta na farko, cike gurbin ya ragu sosai, gyaran ya kama, sai ku koma kan raba kallo gida uku. Idan saurin ya sauko amma "eh" ta ƙaru, tana jan magana ne da ƙarfi alhali bayanin bai zauna ba, sai ta koma ga faɗinsa da baki ba takarda. Idan kuma komai ya gyaru amma muryar ta zama ta mai karanto hadda, ba tashi ba sauka, to ta haddace jimlolin ne kalma da kalma, sai ka tsayar da ita ka yi mata tambayar da manomi zai yi, misali me zai faru idan ɓera ya huda ledar, ka ɗauki amsarta a bidiyo, ku kalla tare, ka ce ta gabatar da sashen da wannan muryar.